Takardar Sallama: Kotu Ranar Isarta Take Tambaya, Ba Ranar Rubuta Ta Ba

Takardar sallama daga aiki ba ta fara aiki ranar da aka buga ta, ko ranar da maigida ya sa hannu ya danna hatimi. Tana fara aiki ne ranar da ta isa ga wanda aka rubuta wa. Masu kamfanoni, makarantun kuɗi, gidajen mai da shaguna da dama sukan ba lauya kuɗi ya tsara musu takarda mai kyau, sannan su miƙa ta ga yaron ofis ya kai tasha. In rigima ta taso, sai a ga ba a ma kai ga duba abin da ke cikin takardar ba, an tsaya a kan tambaya guda: yaushe ta shiga hannunsa, kuma wa ya gani?

Dalilin da ya sa ranar ke da nauyi yana cikin Dokar Ƙwadago ta Najeriya. Sashe na 11 ya yanka wa'adin da ɓangare ɗaya zai ba ɗayan kafin a rabu. Wanda bai wuce wata 3 a bakin aiki ba, kwana ɗaya ne. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Daga shekara 5 zuwa sama, wata guda. Sashen ya ƙara da cewa duk notis ɗin da ya kai mako ɗaya dole ne ya zama a rubuce, kuma ranar da aka ba da shi ba ta shiga lissafi. Dokar ta fi shafar leburori, direbobi, masu gadi, akawuna da makamantansu. Manyan ma'aikata da ƙwararru kuwa, abin da takardar ɗaukar aikinsu ta tanada shi ake bi, kuma sau da yawa wa'adin da ke ciki ya fi wannan tsawo. Ko ta wace hanya aka bi, akwai kwanakin da za a ƙirga, kuma ƙirgar ba ta somawa sai saƙon ya isa.

Sai kuma maganar wanda nauyin kawo hujja ke kansa. Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora shi a kan wanda ya yi iƙirari. In maigida ya ce ya ba da takarda, ma'aikaci ya ce bai gani ba, ba za a ce wa ma'aikaci ya tabbatar da cewa bai karɓa ba, domin ba yadda mutum zai nuna abin da bai faru ba. Maigida za a juya wa. A shari'ar Nlewedim da Uduma ta 1995, Kotun Ƙoli ta ambaci hanyoyi uku da ake tabbatar da isar takarda idan wanda aka aika wa ya musanta: littafin kai saƙo da ke nuna an karɓa, ko shaidar cewa an aika ta hanyar rajista a gidan waya, ko kuma shaida mai gaskiya da zai tsaya ya ce a gabansa aka miƙa. Har yanzu lauyoyi na kafa hujja da wannan hukuncin.

Takardar da ta bi motar haya

Mu ɗauki misali, ba na wani takamaiman mutum ba. Wani Alhaji yana da injin casar shinkafa a Kano da ɗakin ajiya a Gusau. Yana da direban da ke zaune a Gusau, shekararsa 6 a aikin, albashinsa naira 90,000 a wata. Kasuwa ta ja baya, Alhaji ya yanke shawarar rage ma'aikata. Sakatarensa ya buga takarda ranar 28 ga Fabrairu, aka rubuta cewa aikin direban zai ƙare ranar 31 ga Maris. A kan takarda, wata guda cif ke nan, kamar yadda doka ta nema.

Aka saka ta a ambulan, yaro ya kai tasha, ya ba direban motar Gusau tare da ɗan kuɗin saƙo, ya karɓi lambar wayarsa. A Gusau direban haya ya kira lambar da ke jikin ambulan bai samu ba, ya bar ta wurin ɗan kamasho. Bayan kwana biyu maigadin ɗakin ajiya ya zo ya karɓa, ya sa a ƙarƙashin tabarmarsa, domin mai saƙon ya tafi kai kaya Sakkwato daga nan ya wuce wani wurin. Takarda ba ta shiga hannun mai ita ba sai ranar 12 ga Maris.

Yanzu a sake lissafi. Ranar 12 ba ta ciki, don haka wa'adi ya soma ranar 13 ga Maris, kuma wata guda zai cika ranar 12 ga Afrilu. In Alhaji ya tsaya a kan 31 ga Maris, kwana 19 kawai ya ba mutumin da doka ta ce a ba shi wata. Notis ɗin da bai cika ba, sallamar da aka gina a kansa ta saɓa ƙa'ida, kuma abin da aka saba yankewa a irin wannan shi ne a biya albashin wa'adin da ya kamata a bayar, wato naira 90,000. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin sauraron rigingimun aiki ita kaɗai, kuma tana da reshe a Kano, takan ƙara diyya a kan wannan idan ta ga an yi wa ma'aikaci rashin adalci.

Wannan ma shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne direban ya ce shi bai taɓa ganin wata takarda ba. Albashi ya tsaya daga Afrilu, ya yi ta kiran ofis ana ce masa Alhaji ya yi tafiya, a watan Disamba ya shigar da ƙara cewa har yanzu shi ma'aikaci ne, yana bin albashin wata 9, naira 810,000. Me Alhaji zai ajiye a gaban alƙali? Kwafin takardar da ke cikin fayil yana nuna an rubuta ta ne kawai. Sakatare zai ce ya ba yaro. Yaro zai ce ya ba wani direba da bai san sunansa ba, lambar wayar ma ta ɓace. Ɗan kamasho ba ya rubuta komai. Maigadi kuwa yana iya cewa ya manta ranar, ko ma ya bar aikin.

Ba a ce lallai direban zai ci duka kuɗin ba. Alƙali zai duba wasu alamu: ya ci gaba da zuwa aiki? Ya miƙa makullin mota, kuma yaushe? Akwai saƙon waya da ya ambaci sallamar a ciki? Amma Alhaji ya riga ya shiga shari'ar da rauni, yana biyan lauya don ya kare abin da sa hannu guda ɗaya ya isa ya rufe. Kuma kada a yi saurin cewa direban maƙaryaci ne. Mai yiyuwa ne takardar tana nan a ƙarƙashin tabarmar maigadi. Hanyar da ba ta barin sawu tana cutar da ɓangarorin biyu: shi ma'aikacin ya rasa makonnin da zai yi amfani da su ya nemi wani aikin.

Saƙon tasha ba laifi ba ne a kansa. Da shi ake aika kaya da kuɗi da magani tsakanin garuruwa kullum, kuma yawanci yana isa. Matsalarsa ita ce amana ce ke riƙe da shi, ba rubutu ba, kuma takardar sallama ana aika ta ne daidai lokacin da amanar ke shirin yankewa.

Hannu da hannu, da kwafi biyu

Hanya mafi ƙarfi ita ce mafi arha. A buga takardar kwafi biyu iri ɗaya. A ƙasan na biyun a bar wuri da aka rubuta cewa an karɓi asalin wannan takarda, da gurbin suna, sa hannu, kwanan wata da lokaci. A kira ma'aikacin ofis, a miƙa masa ɗaya, ya cike ɗayan da hannunsa. Kwanan watan shi ne zuciyar abin, kuma shi ya kamata ya rubuta, ba sakatare ba. Sa hannun da ba kwanan wata yana nuna an karɓa, amma bai amsa tambayar yaushe ba. In takardar ta wuce shafi ɗaya, ya sa hannu a kowane shafi.

Ya kamata a sami mutum na uku a wurin, wanda ba shi ne ya rubuta takardar ba, kuma wanda za a iya samunsa bayan shekara biyu ko uku. In ma'aikacin bai iya karatun boko ba, a karanta masa, a fassara masa da harshen da yake ji, ya dangwala yatsa, sannan wanda ya fassara ya rubuta a jikin kwafin cewa shi ya karanta ya kuma fassara, ya sa sunansa da hannunsa. Dangwalen da ba wannan bayanin a gefensa yana da sauƙin rushewa, domin mai shi zai ce an ce masa takardar karɓar albashi ce.

Ofishin da ke da masinja ya riƙe littafin kai saƙo, irin wanda ma'aikatun gwamnati suka daɗe suna amfani da shi: kwanan wata, lambar takarda, wanda aka aika wa, wanda ya karɓa, sa hannu. Ƙarfin wannan littafin yana cikin jerin da ke cikinsa. In saƙon 12 ga Maris yana zaune tsakanin na 11 da na 13, cikin rubutun mutane daban-daban, da wuya a ce daga baya aka cusa shi. Littafin da aka saya jiya, mai layi ɗaya tak, ba ya da wannan darajar.

To in ya ƙi karɓa fa? Yana faruwa sosai, domin mutane da yawa sun ɗauka sa hannu yarda ne da korar. Sai a bayyana masa cewa sa hannun shaidar karɓa ce kawai, yana ma iya rubuta a gefe cewa ya karɓa amma bai amince da abin da ke ciki ba. In ya dage, kada a yi masa dole, kada kuma wani ya sa masa hannu, domin wannan jabu ne, kuma laifi ne da ya fi matsalar farko girma. Wanda ya miƙa ya rubuta a kan kwafin, nan take, cewa an miƙa wa wane a wuri kaza, ƙarfe kaza, ya ƙi karɓa, shaidu biyu su sa hannu. A ranar kuma a aika masa wani kwafin ta hanyar rajista. In abin ya yi kama da wanda zai kai kotu, wanda ya miƙa ya je ya yi takardar rantsuwa tun abin yana sabo a ransa.

Gidan waya da kamfanonin kai saƙo

In mutumin yana nesa, sai rajista a gidan waya na NIPOST, ko sashensa na gaggawa EMS, ko ɗaya daga cikin kamfanonin kai saƙo masu lasisi. Kafin a je, a buɗe takardar ɗaukar aiki a duba ko ta faɗi yadda za a riƙa aika notis da adireshin da za a kai. In ta faɗa, ita za a bi, ko da akwai hanyar da ta fi sauri. In ba ta faɗa ba, a yi amfani da adireshin ƙarshe da ma'aikacin ya bayar da kansa. A garuruwan da gidaje ba su da lamba, a rubuta unguwa, layi, wata sananniyar alama kamar masallaci ko makaranta, da lambar waya.

A gidan waya za a ba da rasit mai lambar bin sawu: haruffa biyu, lambobi tara, sannan NG a ƙarshe. Ta rajista tana farawa da R, ta EMS da E. Kamfanoni masu zaman kansu suna da nasu tsarin lamba a jikin takardar aike. Da wannan lambar ake duba inda saƙo yake a shafin intanet nasu.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, suna ganin rasit ya gama komai. Bai gama ba. Rasit yana nuna an aika wani abu ranar kaza. Bai nuna ranar da ya isa ba, bai kuma nuna abin da ke cikin ambulan ba. Hujja cikakkiya ƙafa uku gare ta: me aka aika, yaushe ya isa, wa ya karɓa.

Don ƙafar farko, kada a bari a rubuta "takardu" kawai a gurbin bayanin kaya. A sa a rubuta takardar sallama mai kwanan wata kaza da lamba kaza. Wata dabarar ita ce a je da takardar ba a liƙe ba, a karɓi lambar bin sawu, a rubuta ta a saman asalin da kuma kwafin, a ɗauki hoton takardar kusa da rasit, sannan a liƙe a gaban ma'aikacin wurin. Ta haka lambar ta ɗaure takardar da ambulan ɗin, ba wanda zai zo ya ce farar takarda ya tarar a ciki.

Don ƙafa ta biyu da ta uku, a riƙa duba lambar har shafin ya nuna an kai, a buga wannan shafin a ranar. Kamfanoni ba sa barin bayanan a shafinsu har abada, kuma shari'a na iya tasowa bayan sun share. Sannan a koma ofishinsu a nemi kwafin takardar da mai karɓa ya sa wa hannu, a duba sunan. In sunan maigadi ne ko ƙanin mutumin ko wani maƙwabci, ƙofar musu tana nan a buɗe, gara a sake aikawa tare da sharaɗin mai sunan kaɗai zai karɓa. Haka kuma a bar tazara a lissafi: da Alhaji ya rubuta cewa aikin zai ƙare wata guda daga ranar da aka karɓi takardar, ko ya ƙara kwana 14 a kan wa'adin, da jinkirin hanya bai ɓata masa notis ba.

In saƙon ya dawo saboda ba a sami mutumin ba ko ya ƙi karɓa, kada a buɗe shi. Ambulan a liƙe, da tambarin gidan waya da dalilin dawowar a jikinsa, hujja ce babba cewa an yi ƙoƙari, kuma ana iya buɗe ta a gaban alƙali a ga abin da ke ciki.

Waya tana taimakawa, amma ba ita kaɗai ba

Aika hoton takardar ta WhatsApp ko imel a ranar da aka tura asalin abu ne mai kyau, musamman in aka haɗa da lambar bin sawu. Sai dai a san iyakarsa. Alamar kaska ɗaya a WhatsApp tana nufin saƙon ya fita daga wayarka, biyu suna nufin ya shiga wayarsa, in sun koma shuɗi an buɗe. Amma mutum na iya kashe shuɗin, yana iya cewa layin ya daɗe da barin hannunsa ko ɗansa ne ke riƙe da wayar. Abin da ya fi kowace alama ƙarfi shi ne amsarsa. Ko da zagi ya maido, ya nuna ya gani. A ajiye shi.

Kotu tana karɓar irin wannan shaida, amma sashe na 84 na Dokar Shaida ya gindaya sharaɗi: duk abin da ya fito daga kwamfuta ko waya sai an bayyana na'urar da ta fitar da shi, da yadda aka fitar, da cewa tana aiki daidai a lokacin, yawanci ta hanyar takardar shaida da mai kula da na'urar zai sa wa hannu. Shafin bin sawun da aka buga daga intanet ma yana ƙarƙashin wannan sharaɗin. Don haka kada a goge hirar, kada a kunna tsarin saƙonni masu ɓacewa da kansu, kada kuma a sayar da wayar ba a kwashe hirar an adana ba. Hoton allo da aka yanke, ba lamba ba kwanan wata, ba ya amfanar kowa.

Mai ajiye aiki ma haka

Duk wannan yana juyawa kan ma'aikacin da shi ne ke son tafiya. Kotunan Najeriya sun daɗe a kan cewa takardar ajiye aiki tana kama aiki ne daga ranar da ma'aikata ta karɓa, ba sai an amince da ita ba. Malamar makarantar kuɗi da ta bar takardarta wurin maigadi, ko ta ajiye a teburin shugaban makaranta ba ya nan, tana iya wayar gari an ce ta gudu daga aiki ba notis, a riƙe albashinta na ƙarshe, ko a ƙi ba ta takardar shaidar aiki. Ita ce ma ta fi buƙatar hujja, domin fayil da littafin karɓar saƙo duk suna hannun wancan ɓangaren. Ta je da kwafi biyu, ta sa sakatare ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a nata. In an ƙi, ta wuce gidan waya a ranar.

Adana hujjar

Rasit ɗin da ƙananan injuna ke fitarwa a kan takarda mai santsi yana dusashewa, kuma zafi na ƙara masa sauri. Wanda ya kwana a aljihun mota cikin bazara zai iya komawa fari fat kafin a buƙace shi. A yi masa hoto da waya, a kuma yi fotokwafi tun ranar farko. Kada a kai shi a rufe da leda mai zafi, domin zafin injin zai baƙanta shi gaba ɗaya.

A haɗa komai a fayil guda: kwafin takardar, rasit na asali da fotokwafinsa, shafin bin sawu, takardar sa hannun mai karɓa, hirar waya da aka buga, da sunayen shaidu da lambobinsu. In an zaɓi a biya albashi a madadin notis, a biya shi tare da miƙa takardar, ba bayan makonni ba, kamar yadda Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993. A tura ta banki, a rubuta dalilin biyan a gurbin bayani, a saka rasit ɗin a fayil ɗin. Hotunan duka a tura su wani imel ko ma'ajiyar intanet, kada su zauna a waya ɗaya. Dokokin jihohi sukan ba mutum shekara 5 ko 6 ya shigar da ƙara a kan saɓa yarjejeniya, don haka fayil ɗin ya zauna aƙalla shekara 6 kafin a yi tunanin zubar da shi.